Za a tambaye ni bayanin kowane layi na kod ɗina, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Saura mako biyu in kare aikina na ƙarshen karatu, an kuma sanar da mu cewa kwamiti zai buɗe kod ɗin da muka miƙa, a nuna duk layin da aka ga dama a ce mu yi bayaninsa. Da Python na rubuta nawa, layi wajen 700 ne. Yana aiki lafiya, amma wasu wuraren daga intanet na kwaso su, wasu kuma wata huɗu rabona da su. Ta ina zan fara? Haddace bayanin kowane layi zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka haddace komai. Hadda tana iya tsallakar da kai tambaya ta farko, amma mai jarrabawa ba ya tsayawa a ta farko, kuma a ta biyu ake raba wanda ya fahimta da wanda ya biya karatu. Na sha zama a irin wannan kwamiti, abin da muke yi kusan kullum iri ɗaya ne. Mu nuna layi mu ce, "Me wannan yake yi?" Ɗalibi ya amsa. Sai mu ce, "To in an cire shi fa?" A nan ake shiru.

Saboda haka shirin naka gaba ɗaya a kan wannan tambaya ta biyu zai tsaya. Sanin layi yana nufin ka san abu uku a kansa: halin da bayanai suke ciki kafin a iso shi, halin da ya bar su bayan an wuce shi, da ɓarnar da za ta auku in babu shi ko in an sauya shi kaɗan. Karanta layin da baki ba bayani ba ne. In aka nuna maka `kasa = tsaka + 1` ka ce "yana ƙara ɗaya a kan tsaka ya zuba a kasa", ba ka faɗi komai ba, domin mu ma muna ganin haka a allo. Abin da muke jira shi ne dalilin wannan ɗayan.

Ban ga kod ɗinka ba, don haka bari in ɗauki wani ɗan guntu da yake yawan fitowa a ayyukan ɗalibai, in nuna maka yadda ake sassaƙa shi. Neman abu ne a cikin jeri ta hanyar raba jerin biyu a kowane zagaye:

```python
def nemo(jeri, abu):
    kasa = 0
    sama = len(jeri) - 1
    while kasa <= sama:
        tsaka = (kasa + sama) // 2
        if jeri[tsaka] == abu:
            return tsaka
        if jeri[tsaka] < abu:
            kasa = tsaka + 1
        else:
            sama = tsaka - 1
    return -1
```

Layi 12 ne kacal, amma zan iya riƙe ɗalibi minti ashirin a kansu ba tare da na maimaita tambaya ba.

Matakin farko, rufe kwamfuta ka ɗauko takarda da biro. Zaɓi ƙananan bayanai na gaske, misali jerin `[3, 8, 15, 21, 34, 50, 72]`, mu ce 34 muke nema. Lambobi bakwai ne, gurabensu daga 0 zuwa 6, tun da Python daga sifili yake fara ƙirge. Ja layi uku a takardar, ɗaya na `kasa`, ɗaya na `sama`, ɗaya na `tsaka`, sannan ka zama kai ne kwamfutar. A zagayen farko `kasa` 0 ne, `sama` 6, `tsaka` ya zama 3. A gurbi na 3 akwai 21, bai kai 34 ba, ke nan duk abin da yake daga gurbi na 3 zuwa baya ya fita daga lissafi, `kasa` ya koma 4. A zagaye na biyu 4 da 6 sun ba da `tsaka` 5, inda 50 yake. Ya wuce 34, sai `sama` ya sauko 4. A zagaye na uku `kasa` da `sama` duk 4 ne, `tsaka` ma 4, ga 34 nan a zaune, aka dawo da 4.

In ka yi wannan da hannunka, wata magana za ta fito maka da kanta: a kowane lokaci, in dai abin da ake nema yana cikin jerin, to yana tsakanin `kasa` da `sama`, har da su kansu. Wannan jumla ɗaya ita ce ƙashin bayan duk layukan 12. Wanda ya riƙe ta ba ya bukatar haddace bayanin kowane layi daban, domin kowane layi ko dai yana kafa wannan sharaɗi ne, ko yana kiyaye shi, ko yana cin gajiyarsa. Kowane madauki da ka rubuta, `while` ne ko `for`, yana da irin wannan jumla tasa. Nemo ta ka rubuta a gefen takarda da kalmominka.

Mataki na biyu shi ne wanda ɗalibai suke tsoro, alhali shi ya fi amfani: ka ɓata kod ɗin da gangan. Yi kwafin fayilolin a wani wuri dabam, kada ka taɓa ainihin abin da ka miƙa. A cikin kwafin, sauya abu ɗaya tak a layi ɗaya. Kafin ka kunna, rubuta abin da kake zaton zai faru. Sannan ka kunna ka gani. Wannan rubuta hasashen kafin kunnawa shi ne jigon aikin, kada ka tsallake shi. In hasashenka ya yi daidai, ka san layin. In ya saɓa, ka gano ramin da mai jarrabawa zai jefa ka, kuma ka gano shi tun kana da lokacin cike shi.

Mu gwada a kan misalinmu. Mayar da `<=` zuwa `<` a layin `while`. Yawancin ɗalibai cewa suke yi ba wani bambanci, kuma in suka gwada neman 21 ko 8 ko 50 za su ga an samo su, sai su ƙara sakankancewa. Amma koma takardarka ka dubi zagaye na uku, inda `kasa` da `sama` suka haɗu a 4. Da `<` ba za a shiga wannan zagayen ba, sai a fita a dawo da `-1`, a ce babu 34 alhali yana nan. Haka 3 da 15 da 72 za su ɓace. Cikin lambobi bakwai uku ne kawai za a samu, kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito ya faɗakar da kai. Amsar da za ka bayar ranar ke nan: alamar daidai tana nan ne domin lokacin da gurbi ɗaya ya rage, shi ma yana bukatar a duba shi.

Sai ka mayar da shi yadda yake, ka cire `+ 1`, layin ya zama `kasa = tsaka`. Nemi 72. `kasa` zai tashi daga 0 zuwa 3, zuwa 4, zuwa 5, sannan ya maƙale. Dalili shi ne 5 da 6 sun ba da 11, rabinsa ba tare da saura ba 5 ne, a gurbi na 5 kuma 50 ne, bai kai 72 ba, sai a sake zuba 5 a `kasa`, a sake zagayowa a tarar da abu ɗaya. Shirin zai yi ta juyi a wuri guda har sai ka danna `Ctrl+C`. Ɗayan nan da kake gani shi ne yake tabbatar da cewa filin nema yana raguwa a kowane zagaye, kuma ya halatta a tsallake `tsaka` domin an riga an duba shi an ga ba shi ba ne.

Cire `- 1` daga `len(jeri) - 1`, wannan ya fi wayo. Duk lambobin da suke cikin jerin za a same su lafiya. Sai ranar da aka nemi abin da ya fi kowa girma, kamar 100, sannan `tsaka` zai kai 7, gurbin da babu shi, Python ya ce `IndexError: list index out of range`. Shi kuwa mayar da `//` zuwa `/` nan take yake fashewa, domin `/` lamba mai ɗigo yake bayarwa, 3.0 maimakon 3, jeri kuma ba ya karɓar irinta a matsayin gurbi, sai ka ga `TypeError`. Ka lura da abin da ka samu daga sauyi huɗu: ɗaya ya ba da amsar ƙarya cikin shiru, ɗaya ya maƙale, ɗaya ya jira sai wani lokaci na musamman, ɗaya ya fashe tun a matakin farko. Masu jarrabawa sun fi son tambaya a kan masu shirun, domin masu fashewa kowa yana gano su.

Akwai tambayoyin da ba su kan layi ɗaya, suna kan abin da kod ɗin ya ɗauka a matsayin gaskiya ba tare da ya faɗa ba. Wannan `nemo` ya ɗauka cewa jerin a tsare yake daga ƙarami zuwa babba. Ba shi `[50, 3, 72, 8, 34, 15, 21]` ka nemi 50: zai dubi 8, ya yi dama, ya dubi 15, ya dubi 21, ya ce babu. Ga 50 a gurbin farko bai ko waiwaye shi ba. Za a tambaye ka, "A ina aka tsara jerin kafin a kira wannan?" Dole ka iya kai yatsa kan layin, ko da yana wani fayil. In jerin babu komai a ciki fa? `sama` ya zama -1, sharaɗin `while` bai cika ba tun farko, a dawo da `-1`, lafiya ƙalau. Ka san wannan tun kafin a tambaya.

Shi kansa `return -1` ɗin yana da tarko a Python, kuma ina so ka je ka duba irinsa a naka aikin yau ɗin nan. A wannan yare `jeri[-1]` ba kuskure ba ne, abu na ƙarshe yake nufi. In wani layi can gaba ya karɓi sakamakon ya yi amfani da shi kai tsaye ba tare da dubawa ba, neman abin da babu zai dawo maka da 72 kamar an same shi. Haka kuma in ka rubuta `if nemo(jeri, abu):` kana nufin "in an samu", lissafin zai birkice, domin Python yana ɗaukar 0 a matsayin ƙarya, -1 kuma a matsayin gaskiya. Abin da yake gurbin farko za a ce babu shi, wanda babu kuma a ce yana nan. Don haka duk inda ka ga `return`, bi sawunsa zuwa inda aka kira shi, ka ga me aka yi da abin da ya dawo. Layi ba ya ƙarewa a inda aka rubuta shi.

In kwamitin ya ga kana amsawa, zai ɗan hau da kai sama. Zagaye nawa za a yi a jeri mai abu miliyan ɗaya? Ba zai wuce 20 ba, domin in ka ninka 2 sau 20 za ka sami 1,048,576. Wani kuma zai iya cewa, layin `tsaka` yana da wata matsala? A Python babu, domin cikakkun lambobinsa ba su da iyakar girma. Amma a Java, inda `int` yake tsayawa a 2,147,483,647, haɗa `kasa` da `sama` a jeri mai girman gaske yana iya wuce wannan iyaka ya juye ya zama lamba ƙasa da sifili. A 2006 Joshua Bloch ya bayyana cewa wannan kuskuren ya yi shekaru a cikin laburaren Java kansa ba a gano shi ba. Maganinsa a rubuta `kasa + (sama - kasa) / 2`. Ba dole ne ka kawo wannan ba, amma ka ga yadda layin da kowa yake ɗauka mai sauƙi ya ɓoye kuskure daga idon ƙwararru. Babu layin da ya yi ƙanƙanta a tambaya.

To, layi 700 ba za su sami wannan kulawar dukansu daidai ba, kuma ba sa bukata. Buga kod ɗin a takarda da lambobin layi, ka bi shi da biro sau ɗaya cikin sauri. Kowane layi ka tambayi kanka ko za ka iya faɗin abin da zai lalace in an cire shi. In za ka iya nan take, wuce. In kana kokwanto, sa alama ɗaya. In ba ka da masaniya sam, sa alama biyu. Yi wa kanka gaskiya a nan, babu mai ganin takardar sai kai. Za ka tarar cewa kaso mai yawa maimaici ne, kamar layukan da suke zana maɓallai ko buga saƙo, wanda in ka san ɗaya ka san sauran. Masu alama biyu za su taru a 'yan wurare, kuma kusan duk wuraren da ka kwaso ne.

Su waɗannan na aro ina so in ɗan daɗe a kansu, domin nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa. Mai jarrabawa yana gane su daga nesa. Salon rubutu yakan sauya a tsakiyar fayil, sunaye su koma wani iri, ko a ga wata dabara da ta fi sauran aikin zurfi. Ido yana zuwa can da kansa. Ga irin layin da nake nufi, wanda kusan duk mai aiki da `sqlite3` yake kwafa:

```python
cur.execute("SELECT * FROM dalibai WHERE lamba = ?", (lamba,))
```

Tambaya biyu ce a nan. Me ya sa aka sa `?` maimakon a manna lambar kai tsaye cikin jumlar? Domin in ka manna abin da mutum ya rubuta a cikin umarnin, zai iya rubuta wani guntun umarni na SQL a wurin lambar, rumbun bayanai kuma ya aiwatar da shi. Da `?` umarni daban yake tafiya, bayanai daban, abin da mutum ya shigar ba ya taɓa zama umarni. Ta biyu kuma, wannan waƙafin da yake bayan `lamba`, kuskuren rubutu ne? A'a. Shi ne yake mayar da abin ya zama `tuple` mai abu ɗaya. In ka cire shi, baka biyun ba su da wani tasiri, kuma in `lamba` rubutu ne mai haruffa da yawa, `sqlite3` zai ƙirga kowane harafi a matsayin ƙima daban, ya ce `Incorrect number of bindings supplied`. Cire shi a kwafinka ka gani da idonka. Abin da ka gani ya fashe a gabanka ba ka mance shi.

Haka za ka yi wa `if __name__ == "__main__":`, wanda yake hana abin da ke ƙarƙashinsa gudana in wani fayil ne ya jawo wannan da `import`. Haka `with open(...)`, wanda yake rufe fayil ko da kuskure ya auku a tsakiya. Sai wanda na fi so ka farauta, `except:` da `pass` a ƙarƙashinsa. Wannan yana haɗiye kowane irin kuskure ya yi shiru. In yana cikin aikinka, ka tabbata za a tambaye ka wane kuskure kake tarewa. A kwafinka cire shi, ka kunna da bayanai marasa kyau, ka ga ainihin sunan kuskuren da yake fitowa. Wani lokaci za ka tarar yana ɓoye matsalar da ba ka taɓa sanin tana nan ba.

Za ka kuma ci karo da layukan da in ka cire su babu abin da yake sauyawa: `import` na abin da ba a yi amfani da shi ba, suna da aka zuba wa ƙima ba a sake waiwayarsa ba, ko wani guntu da babu mai kiransa. Kafin ka yanke cewa mataccen layi ne, gwada da bayanai iri-iri, ka tuna `- 1` ɗin can da bai nuna amfaninsa ba sai da aka nemi 100. In ka tabbatar ba ya komai, amsarka ranar ita ce gaskiya: saura ne daga wani gwaji na baya, ba ya aiki, ya kamata a cire shi. Kada ka ƙirƙira masa dalili. Na taɓa zama a kan wani ɗalibi da aka nuna masa irin wannan layi, ya shiga kare shi da dogon bayani. Ɗaya daga cikinmu ya ce ya goge shi ya kunna. Ya goge, shirin ya gudana kamar da. Layin bai kai ya rage masa maki ba, amma daga nan kowace amsa da ya bayar sai da aka sake tantance ta, har waɗanda ya sani da gaske. Na ji masa ciwo, domin aikinsa mai kyau ne.

Game da aron kansa, ka duba dokar sashenku, ka kuma je wurin malamin da yake duba aikinka tun yanzu, kada ka bari sai ranar. Faɗa masa wuraren da ka samo daga waje, ka tambaye shi yadda ake so a ambace su. A wurare da yawa amfani da guntun kod na wani ba laifi ba ne in an faɗi inda aka samo shi, ɓoyewar ce laifi. In an tambaye ka a zauren, ka ce daga wuri kaza na samo, ga abin da yake yi, ga abin da na sauya domin ya dace da nawa. Haka nan in ka gano kuskure na gaske a cikin abin da ka miƙa, kada ka gyara a ɓoye ka zo da wani kod dabam da wanda yake hannun kwamiti. Tambayi malaminka ko an yarda a sake miƙawa. In ba a yarda ba, rubuta kuskuren da gyaransa a takarda ka riƙe. Ɗalibin da ya ce "a layi na kaza akwai matsala in jerin yana da abu biyu iri ɗaya, ga yadda zan gyara" ya nuna mana abin da muka zo nema.

Fahimtar tana da iyaka, kada ka wahalar da kanka fiye da kima. Ba wanda zai ce ka bayyana yadda aka gina `sorted` a ciki, sai dai in tsara jeri shi ne batun aikinka. Abin da ake so game da duk abin da ka kira daga laburare shi ne me kake ba shi, me yake dawo maka da shi, kuma me yake yi in ka ba shi abin da bai dace ba. Misali ka san cewa `sorted(jeri)` sabon jeri yake bayarwa ya bar na asali yadda yake, shi kuwa `jeri.sort()` na asalin yake juyawa ya dawo da `None`. Fayilolin da wata manhaja ta samar maka da kanta kuwa, ya isa ka san wace ce ta samar da su, me suke yi a dunƙule, da layukan da kai ka taɓa a ciki.

In takarda ta gaza, wato guntun ya yi tsawo ko bayanan sun yi yawa, sa `breakpoint()` a saman wurin, yana nan tun daga Python 3.7. Shirin zai tsaya a nan. `n` yana matsawa layi ɗaya, `s` yana shiga cikin abin da aka kira, `p` da sunan abu yana nuna ƙimarsa, `c` yana ci gaba. Ko a nan, faɗi ƙimar da kake zato kafin ka danna `p`.

Ga yadda zan raba kwanakin in ni ne. Rana ɗaya ta bugawa da sa alama. Wajen mako guda na bin masu alama biyu da takarda da ɓatawa, sannan masu alama ɗaya. A tsakani ka keɓe rana guda ka bi hanyar bayanai daga farko zuwa ƙarshe: mutum ya rubuta abu ya danna maɓalli, wane layi ne ya fara karɓa, ina ya miƙa, ina aka adana, ta ina ya dawo allo. Sau da yawa da wannan ake buɗe zaman, kuma wanda ya san hanyar ba ya ɓacewa in an jefa shi tsakiyar fayil. Sauran kwanakin na baki ne. Sani a zuci daban, fitar da shi a gaban mutane daban. Nemi abokin karatu ka ba shi takardun, ya kira lambar layi duk wadda ya ga dama, kai kuma ka amsa da murya a cikin minti ɗaya: aikin guntun da layin yake ciki, abin da layin ya sauya, abin da zai lalace in babu shi. Ka roƙe shi duk amsar da ka bayar ya bi ta da "me ya sa". Inda ka yi in'ina, koma ka sake ɓata wurin.

Ka sa shi kuma ya ba ka ƙananan sauye-sauye ka yi a gabansa, domin kwamiti yakan yi haka in yana so ya tabbatar hannunka ne ya yi aikin. A misalinmu, za a iya cewa: a `[5, 5, 5]` wane gurbi za a dawo da shi? Amsa 1 ce, na tsakiya, ba na farko ba. To mayar da shi ya riƙa dawo da na farko. Maimakon `return tsaka` nan take, sai ka ajiye gurbin a wani suna, ka sa `sama = tsaka - 1` a ci gaba da nema ta hagu, a ƙarshe ka dawo da abin da ka ajiye. Kada ka yi shiru kana bugawa, riƙa faɗin abin da kake tunani, domin ko ba ka gama ba an ji inda ka dosa.

In kuma aka nuna layin da ya kuɓuce maka duk da wannan shiri, kada ka yi ta kame-kame. Ka ce ba ka tuna shi kai tsaye ba, ka nemi izinin bin sa. Dubi layin da yake samansa ka faɗi ƙimar da take shigowa, dubi na ƙasansa ka faɗi abin da ake bukata daga gare shi, sau da yawa aikin na tsakiyar zai bayyana tun kana magana. Saboda haka ka shiga zauren da takardunka masu lambobin layi in an yarda, da biro, da 'yan ƙananan bayanan gwaji da ka riga ka bi da hannu, ka kuma kunna shirin sau ɗaya a kan kwamfutar da za a yi amfani da ita kafin a kira sunanka. Allah ya ba da sa'a.